Horon da na nema don in yi shuka

Na yi aikin hanya sau biyu a rayuwata. Na farko na dole ne, zamanin Nasara, ina saurayi. Can horo ɗaya ne, bulala. Na biyu bayan samun mulkin kai, da wani kamfani mai gina ƙananan gadoji tsakanin Madawa da Buza. Nan ana biya, kuma ba a duka.

A nan na fara ganin doka manne a bango. Ban iya karatu ba. Komi, wato magatakardan kamfanin, ya tara mu ya karanta da Faransanci, ya juya da Hausa.

Ya ce laifi iri biyu ne. Ƙarami shi ne makara, barin shebur a waje, tsayawa hira lokacin aiki. Babba shi ne sata, faɗa, zagin na gaba, ƙin bin umarni, tafiya ba izini. Horo kuma tsani ne. Mai ƙaramin laifi ana yi masa gargaɗin baki. In ya sake, gargaɗin takarda. In ya sake, a dakatar da shi ƴan kwanaki ba biya, abin da suke kira mizapiye. Daga nan sai kora. Mai babban laifi ba ya hawan tsani, kai tsaye ake iya korarsa. Ba a horon mutum sai an ji bakinsa, gaban wakilin ma'aikata. Gargaɗin da ya daɗe ba a sake laifi ba kuma yana mutuwa.

Wani ya tambaya ina bulalar take. Komi ya ce babu. Ba mu yarda ba.

Gonata tana Tama. Ƙannena sun tafi kurmi, can kudu, neman kuɗi, ba su dawo ba. Gida daga matata sai tsohuwata. Su suna zuba iri su rufe, amma saran sungumi sai namiji. Ruwan shuka kuma ba ya jiran kowa. In ƙasa ta sha iska kwana biyu, ta bushe. Na roƙi izini tun bazara. Aka ce a'a, lokacin ne ake gaggawar gama gadoji kafin ƙoramu su kawo. In na tafi da kaina, babban laifi ne, aiki ya tafi. In na zauna, rumbu ya tafi.

Sai na tuna hawa na uku. Dakatarwa: ka tafi gida, aikinka yana jiranka. Abin da na roƙa aka hana ni ke nan. Ashe yana nan, sai dai da laifi ake samunsa.

Na fara hawa. Wahalar ita ce auna lokaci. Ka yi da wuri, gargaɗi ya mutu ko a dakatar da kai rana na ƙuna. Ka yi a makare, hadari ya riga ka.

Wahala ta biyu shugabanmu ne, da muke kira shef. Kirista ne, daga wajen asibitin mishan. Ban taɓa ganin mai yafiya irinsa ba. Na makara, ya ce hala ban ji daɗi ba. Na sake makara, ya kawo mini ƙwayar zazzaɓi. Na bar shebur a waje, ya ɗauka da hannunsa ya kai magaza, ɗakin kayan aiki. Sai da na zauna kan buhun siminti a gabansa ina hira da ƙarfi, ba ma mai saurarona, kafin ya ce, "Ɗan'uwa, wannan gargaɗi ne." Na ce, "Na doka ko na zumunci?" Ya ce na zumunci. Na ce ni na doka nike so. Ya ba ni na doka.

Gargaɗin takarda ya fi wuya, don sai an zauna. Wakilinmu, da ake kira delege, mutumin Keita ne mai baki. Aikinsa kare ma'aikaci, kuma ya riƙe shi kamar sallah. Komi ya tambaye ni dalilin makarata. Na ce ba dalili. Delege ya miƙe.

"Ku dubi bawan Allah ga. Tsohuwa garai, ba ta gani sosai. Ya ci bulala zamanin da ku kuna goye."

Na ce, "Malam, zamna."

"Kun ji? Ko kare kai nai bai iya ba. A yi mishi rangwame."

Na ja rigarsa. Ya fizge. Ya kusa kuɓutar da ni. Da ƙyar na samu takardata, na dangwala yatsa. Muna fita na ce in ya sake taimakona zan fasa masa baki. Ya ce, "Wannan babban laihi na, kora." Gaskiyarsa. Na ba shi goro.

Kuskurena ɗaya. Na gaya wa wani Bafillace ɗan Azarori da muke kwana ɗaki guda. Ya rantse ba zai faɗa ba. Kafin wata ya ƙare, shebura sun cika fili kowace yamma. Shef yana bi yana tsinta, yana cewa bai san abin da ya sami mutanensa ba.

Ruwa ya sauka wata asuba, mai yawa. Ƙasa ta jiƙu har ƙasa. Na zauna a ɗaki ina jira rana ta ɗaga don in makara da kyau. Da na fito sai na ga kowa yana fitowa. Dukanmu mun makara, dukanmu muna hawa na biyu. Har delege.

Darekta, wani Nasara mai jan wuya, ya zo daga Madawa. Bai yi faɗa ba. Ya sa aka ji bakin kowa, ɗaya bayan ɗaya, yadda doka ta ce. Kowa ya ce ba shi da dalili. Delege ya tsaya gefe, bai kare kowa ba, bai kare kansa ba. Aka yanke mana dakatarwar kwana uku-uku. Muka yi godiya. Wasu har da Fatiha.

Sai komi ya ƙara magana. Ya ce doka ta faɗi tsawon horo, amma ranar farawa kamfani ke sa ta. Aiki ba zai tsaya ba, don haka za mu yi horon rukuni-rukuni. Waɗanda suka fi daɗewa ba laifi su za su fara, a wuce wurin. Ni da na fara ɓata suna tun bazara, ni ne na ƙarshe.

Bafillacen nan yana rukunin farko. Shi ko gona ba shi da ita, shanunsa ya je gani. Ya ce in yana da hali zai ara mini horonsa. Na tambayi komi ko ana musanya. Ya ce horo ba jaki ba ne.

Lokacin da nawa ya zo, ƙasa ta bushe. Na tafi Tama a ƙafa. Gonakin maƙwabta sun yi kore. Tsohuwata ta shafa fuskata ta ce an ce gwamnati ta hore ni. Na ce i. Ta ce ina tabon. Na ce yanzu ba a barin tabo. Ta ce to ƙarya ne.

Muka yi binne: na sara busasshiyar ƙasa, matata da tsohuwata suna zuba iri suna rufewa, muka bar wa Allah. Ruwa ya dawo bayan na koma aiki. Ɓeraye sun ci wani, wani ya fito. Hatsin bai cika rumbu ba. Ya kai mu bazara, da ɗan ganyen tafasa.

Saura hawa ɗaya tsakanina da kora, don haka na zama waliyyi. Ina riga kowa zuwa. Ina kwashe sheburan mutane, kar a ce nawa ne. Ko gaisuwa ba na tsawaitawa. Shef ya gaya wa darekta bai taɓa ganin horo ya gyara mutum haka ba. Da kaka aka ba ni shugabancin rukuni, aka ce ni zan riƙa kai sunan masu makara.

Da bazara ta zagayo, mutane suka fara zuwa mini da goro, suna roƙon in kai sunansu.