Littafin Rigimar Harajin Injina

Ranar Talata ce masinjan ofishin haraji ya same ni a injina na casar shinkafa a Argungu, hannuna duk baƙin mai. Ya miƙo ambulan, ya buɗe wani dogon littafi ya ce in sa hannu. Na sa. Da na karanta takardar sai da na nemi buhu na zauna. An yanka mini harajin shekara kamar injin bai huta ko yini ɗaya ba, alhali wata bakwai ya yi a kwance ina jiran ƙarfe daga Kano. A ƙasan takardar an ce wanda bai yarda ba ya rubuto cikin kwana talatin.

Lokacin Sakkwato ce babban birnin jiharmu, can manyan haraji suke. Na tafi gidan waya na biya kuɗin kira, na jira har bayan azahar kafin layi ya shiga, wani ya ce mini mai maganar ya fita. Na cusa rasit a aljihu na hau mota zuwa gida Birnin Kebbi, na zarce unguwar Nasarawa wurin yayana.

Yayana malami ne, bai taɓa sayar da ko albasa ɗaya ba. Amma duk haihuwa da rasuwa ta gidanmu tana rubuce a hannunsa. Ya saurare ni ina ta kumfar baki, sannan ya jawo littafin rubutu irin na 'yan makaranta ya jefo mini.

"Faɗa ba shi yi ma komi," ya ce. "Duk abin da kat taɓa cikin zancen ga, rubuta shi da ranarshi. Fara da yau."

"Yaya, injina za su ci, kai kana ba ni aikin akawu?"

"Rubuta dai."

Na rubuta, don ba a musu da shi. Na yi da ajami yadda muka saba, da lissafin watanmu: Talata, huɗu ga Rajab, masinja ya kawo takarda, na sa hannu a littafinsa, na kira Sakkwato, ba a samu kowa ba. Na maƙala rasit ɗin wayar da allura a jikin shafin. Ko a raina ban kawo cewa ofis da wani watan yake aiki ba.

Bayan mako uku na aika takardar ƙin yarda ta rajistar gidan waya, da kwafin rasit ɗin ƙarfen da wasiƙar makanikin da ya gyara. Daga nan fa aka shiga. Ofishin Birnin Kebbi su ce fayil yana Sakkwato. Sakkwato su ce an mayar. Wanda ya san maganar a yi masa canjin wurin aiki, sabo ya zo ya ce in faro daga farko. Na biya abin da ni na yarda ya hau kaina, aka ba ni rasit, bayan wata biyu aka sake aiko takardar neman kuɗin gaba ɗaya kamar ban ba da sisi ba. Kowanne na rubuta: ranar, wanda na gani, kujerar da yake kai, abin da ya ce. Shafin ya yi ta kumbura da rasit da allurai har littafin ya daina rufuwa, sai da na riƙa ɗaure shi da tsumma.

Wallahi na gaji. Ba gajiyar hanya kaɗai ba, ko da yake hanyar Argungu da ta Sakkwato sun sha ƙashin bayana. Gajiyar maimaita labari ɗaya ga mutum na shida, kana yi kana murmushi, kana "ranka shi daɗe" ga wanda ka girma da shekara goma. Akwai ranar da na jefar da littafin bayan tukunyar ruwa na ce in sun ga dama su kwashe injin su sha romonsa. Matata ta ɗauko shi a jiƙe ta shanya a kan katanga.

A shekara ta uku, ana gab da yankan shinkafa, suka zo suka garƙame ƙofar injin da kwaɗo. Aka ce in ban biya ba za a yi gwanjonsa. Injin nan shi ne gonata, shi ne kasuwata, ba ni da wani abu bayansa. Matan da ke kawo mini shinkafa tun daga Augie suka zo suka ga kwaɗo, suka ɗora kayansu suka nufi wani injin a bakin kasuwa.

Na kwashi littafi na tafi Sakkwato. Wannan karon na samu babban jami'in da kansa, wani dattijo mai tabarau, shi ma da ganinsa a gajiye yake. Ya buɗe fayil ya ce takardata ta zo a makare. Daga ranar da ke kan takardarsu zuwa ranar hatimin rajistata kwana arba'in da wani abu ne, don haka harajin ya zauna.

"Ranka shi daɗe, ai ba ranar da kunka rubuta ta taz zo hannuna ba. Ta kwana a jakar masinja."

"Daga ranar da ta shiga hannunka ake ƙirgawa, wannan gaskiya ne. Ina shaida?"

Na kwance tsumma na buɗe shafin farko. Ya iya ajami, ya karanta, sai ya cire tabarau.

"Malam, huɗu ga Rajab? Fayil bai san Rajab ba. Kuma kai da ganin wata kake ƙirga, kalanda da nata lissafin, sukan saɓa da kwana ɗaya ko biyu. Da wanne zan yi aiki?"

Shekara uku ina rubutu, ashe da watan da ba sa amfani da shi nake yi. Na ji kamar in fashe da kuka a gaban mutum. Yana shirin rufe littafin allura ta soke shi a yatsa. Ya ja tsaki, ya ɗaga rasit ɗin wayar, yana kallon hatimin gidan waya da kwanan watan bature a jiki, hatimin ya koɗe amma ana karantawa.

"Wannan ranar ce ka sa hannu a littafin masinja?"

"Ita ce. Ga shi nan na rubuta."

Ya sa aka aika a nemo tsohon littafin masinjan. Mako biyar aka yi kafin a tono shi a ƙasan wani kabad a Birnin Kebbi. Ga sa hannuna da tabon baƙin mai, ga kwanan wata daidai da na rasit. Kwana ashirin da ɗaya tsakaninsa da rajistata. Sai a lokacin wani ya zauna ya karanta wasiƙar makanikin, aka sake ƙiyasi, ya sauko kusa da abin da na riga na biya.

Da na gaya wa yayana, cewa ya yi kawai, "Ka rubuta?"

Ranar Asabar aka zo aka cire kwaɗon. An gama kaka tuni. Na share yanar gizo, na zuba mai, na ja injin har sau bakwai kafin ya tashi. Na bar shi yana ruri don gari ya ji, na zauna a bakin ƙofa ina kallon jakuna suna wucewa da buhuna zuwa bakin kasuwa. Wasu matan ma sun gaishe ni. Dab da la'asar wata tsohuwa ta shigo da ƙwarya ɗaya a kai, ta ce can layi ya yi mata tsawo.

Na casa mata. Sannan na goge hannuna, na kwance tsumma, na sa ranar da watanmu da na bature duka biyu, na rubuta: an buɗe, ƙwarya ɗaya.