Ɗakina Yana Hawa da La'asar

Shekarar da na gama bautar ƙasa na shiga wata ƙungiya ta masu hawan dutse, mu tara. Da muka sa ranar zuwa duwatsun kudancin Kano, sai aka ɗora mini riƙe hanya da faɗin tsayin da muka kai, saboda ni ne mai agogon da ke nuna arewa, da tsayin wuri, da nauyin iska. Na amsa, amma hankalina bai kwanta ba.

Kwana huɗu ina zaune a ɗakina a Gyadi-Gyadi ina rubuta abin da agogon ya nuna. Da hantsi yakan ce ina a tsayi kaza, da la'asar kuma ya ce na hau kusan mita talatin, alhali ko tabarma ban bari ba. Lambar nauyin iskarsa ta yi ƙasa ƙwarai da ta hasashen yanayi a wayata. Arewarsa kuwa yau tana wajen ƙofa, gobe wajen taga. Idan a ɗakina yana haka, ina ga tsakanin duwatsu da mutum takwas a bayana? Ranar Alhamis na rubuta saƙon janyewa, ban dai tura ba.

Akwai wani dattijo ɗan Filato, abokin mahaifina, da ya yi ritaya daga aikin safiyo yana zaune a Tarauni. Na je na gaishe shi, na miƙa masa takardata. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa, sannan ya yi dariya.

"Wato gidanku tashi yake yi bayan azahar? Ka gaya wa babanka ya ɗaure shi."

"Baba, wataƙila dai ni na lalata agogon."

"Kai da wataƙila! Lafiyarsa ƙalau. Shi ba tsayi yake aunawa ba, nauyin iska yake ji. In ka hau sama iska takan yi sauƙi. To a nan ƙasar, ko kana zaune, takan yi nauyi da hantsi ta yi sauƙi da la'asar. Shi kuma bai san bambancin ba, sai ya ɗauka hawa ka yi."

Ya ɗauko wata tsohuwar taswira mai layukan tsayi, ya ɗora yatsa a unguwarsa, ya ce in shigar da mita ɗari huɗu da tamanin. Na shigar. Ya ce haka zan riƙa yi a gindin dutse kafin mu fara hawa, da duk inda taswira ta ba ni tabbataccen tsayi. Lambar wayata kuma, in ji shi, an mayar da ita kamar a bakin teku aka auna. Tunda yanzu agogon ya san tsayinsa, in duba tasa lambar ta bakin teku. Na duba, sun yi kusa da juna.

"Saura arewa. A ina ka saita ta?"

Na ce a ɗaki. Ya tambayi me ke kusa da ni. Na lissafa: fanka, ƙarafan taga, da lasifika. Gaskiyar ita ce saitin yana buƙatar mutum ya yi ta juya hannu a iska kamar yana zana lamba takwas, ni kuma kunya ta hana ni yi a waje.

"Ka kai shi tsakiyar ƙarfe da maganaɗisu ka ce ya nemo arewa. Tashi mu je."

Ya ja ni wani filin ƙwallo, nesa da motoci da turakun lantarki, ya karɓi wayata da makullaina. Na fara juya hannu. Wani mai adaidaita sahu da ke hutawa a bakin filin ya ɗaga murya: "Malam, sauro ne ko aljanu?"

"Digiri ne da shi, ƙyale shi," in ji Baba.

Agogon ya yi ƙara alamar ya karɓa. Baba ya fito da nasa kamfas na allura ya tsaya ɗan nesa da ni, arewarmu ta zo ɗaya. Ban yarda nan take ba, sai da muka koma wani gefen filin muka sake gwadawa ta sake zuwa ɗaya, Baba kuma bai nuna gajiya ba. Daga nan ya sa na hau wani bene mai hawa uku na wani masaninsa. Agogon ya ƙara mita tara a hawa na uku, da na sauko ya koma inda yake, da bambancin mita ɗaya.

Na ce mita ɗayan nan fa?

"Ita kam ka bar ta. Ko mita biyar ce ba za ta ɓatar da kowa ba. Ka dai tafi da taswira, kada ka dogara da shi kaɗai." Ya naɗe wata ta yankin da za mu je ya ba ni aro.

Na yi ta godiya har ya ce in tafi kafin ya fara jin kunya. A hanyar komawa Gyadi-Gyadi na rubuta wa ƙungiya cewa in Allah ya yarda ina nan ranar Asabar, amma su yi haƙuri, zan tsayar da su minti biyar a gindin dutse.