Hoton Baɗi

Duk wanda ya koyar da Turanci a makarantar ƙauye ya san aikin ba a aji yake ƙarewa ba. Ni dai tun da na fara koyarwa a wajejen Bunkure, ƙofar gidana ta zama ofis. Wannan ya kawo kwalbar maganin feshi a karanta masa, wancan ya kawo takardar asibiti. Ina yi, ina mita. Amma abin da Baffa ya kawo mini shi ne har yau ban gama fassarawa ba.

Baffa ƙanen mahaifina ne, manomin tumatir, kuma tun da aka haƙa kanal ɗin ban ruwa da ya bi ta bayan garinmu bai taɓa tsallake noman rani ba. 'Ya'yansa sun gaji da ce masa ya koma shinkafa, ko ya ba da hayar gonar ya huta. A shekarar da nake magana tumatir ya yi ambaliya, kowa ya ɗiba lokaci guda, motocin Kudu suka cika suka tafi suka bar kwanduna jere a bakin titi suna tsiyayar ruwa. Na Baffa na ciki.

Ranar wata Asabar da hantsi ya shigo da fara'a, abin da na kwana biyu ban gani a fuskarsa ba. Ya miƙo mini ƙaramar wayarsa mai madannai.

"Malam, duba nan. An sa ni a waya. Wani direba ne ya nuna mini a Kwanar Gafan, ya ce har Legas ana gani."

Direban bai iya tura masa ba, sai Baffa ya kara wayarsa a kan ta direban ya ɗauki hoton hoton. Rana ta haske gilashin, gefe guda ya yi fari fat, ga inuwar yatsansa a sama. Duk da haka na gane shi. Yana zaune a kan kifaffen kwando, hannu a haɓa, da hularsa ruwan ƙasa, kewaye da tumatir da ya narke ya zama kunu. Hoton biyu ne, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. A jikin na sama an rubuta shekarar da muke ciki, a jikin na ƙasa shekara mai zuwa. A tsakiya kuma, da manyan haruffa farare, kalmomi uku: copy and paste.

Sai da na danne dariya, kuma ina jin kunyar wannan har gobe. Wanda ya haɗa abin ya iya mugunta.

"Me suka rubuta?" in ji Baffa. "Na ce wa mutanen gida tunda abin ya kai Legas, manya za su gani. Ko ɗakin sanyi ne a gina mana."

Na ja lokaci. Na ce bari in ji ta bakin babbar wayata. Na kara ta a kan tasa, manhajar fassara ta yi ta lalube saboda hasken da ya ci rabin harafin farko, daga baya ta ce: kwafa da liƙawa. Ba ta yi ƙarya ba, sai dai haruffa kawai ta karanta. Ba ta ga tumatirin ba, ba ta ga Baffa ba.

"Liƙa me?" ya ce.

Nan fa aiki ya same ni. Na ce masa magana ce ta masu kwamfuta, in mutum ya ɗauki abu ya sake ajiye irinsa sak a wani wuri. Ya gyaɗa kai. Na ce ita kalmar ƙarshen kuma, a Turanci ita ce dai sunan markaɗaɗɗen tumatir, irin na gwangwani. Ya sake gyaɗa kai, ya ce ai shi ya sa, suna nufin a kai nasa a markaɗa. Har ya fara lissafin motar da za ta ɗauka.

Da na tsaya nan, da ya tafi gida da murnarsa, kuma ba wanda zai ce na yi ƙarya. Kalmomin na ba shi su daidai, ɗaya bayan ɗaya. Amma abin ba a kalmomin kaɗai yake ba. In ka rufe hoton da hannu, rubutun ba ya cewa komai. In ka rufe rubutun, dattijo ne kawai a bakin titi. Sai an haɗa su zolayar take fitowa, ni kuma ba ni da kalma guda ta Hausa da za ta ɗauki kwamfuta da markaɗe a lokaci ɗaya. Na gwada a raina: bana markaɗe, baɗi markaɗe. Ya yi kusa, amma ya fi na Turancin zafi, domin wannan zai ji shi ba tare da tafinta ba. Na kasa furta shi.

Ban yi dabara ba, tsoro na ji. Na ce, "Baffa, dubi hotunan biyu da kyau."

Ya matso da wayar kusa da idonsa. Ya daɗe. Ya san lambobi, ko da bai san haruffan boko ba, na ga leɓensa yana motsi a kan shekarun.

"Wannan ta ƙasan ai ba ta zo ba tukuna."

"Ba ta zo ba."

"Kuma hular ɗaya ce. Kwandon ma ɗaya ne, ga inda ya ɓalle." Ya ɗago. "Sau ɗaya aka ɗauke ni."

"Sau ɗaya, Baffa. Shi suka sake ajiyewa a ƙasa."

"Wato sun riga sun ɗauki hoton baɗi."

Duk karatuna ban kai ga wannan fassarar ba. Na ce masa haka ne. Ya tambaye ni ko abin dariya ne, na ce don dariya aka yi shi. Ya tambaya ko akwai wani abu da aka rubuta a gefen da rana ta cinye, wata lambar waya ko sunan ofis. Na duba, alhali na san babu. Ya karɓi wayarsa, ya goge gilashin da bakin riga, ya sa a aljihu. Ya ce in gaida mai ɗakina. Ruwan da aka kawo masa ma bai sha ba.

Na yi fushi ranar, na rasa da wa. Da wanda ya ɗauki hoton dattijo bai nemi izininsa ba, da direban da ya nuna masa yana ƙunshe dariya, da ni kaina da na ji daɗin zolayar kafin na tuna waye a ciki.

Da kaka ta yi, 'ya'yansa suka sake yi masa maganar shinkafa. Shi dai ya yafa irin tumatir kamar kullum. Ni kuwa ban sa baki ba, don ban san wace shawara zan ba mutumin da hannunsa bai san wani aiki ba.

Rani ya zagayo, tumatir ya sake ambaliya. Ina kan babur zan wuce Kura na hango shi a bakin titi, a daidai wurin, kwanduna suna tsiyaya a gabansa. Na tsaya muka gaisa. A tsaye yake, ga kifaffen kwando a gefensa amma ya ƙi zama, alhali ƙafarsa tana damunsa. Hular kansa sabuwa ce, fara, irin wadda ba a zuwa kasuwar tumatir da ita.

Ya ga ina kallonta. Ya ɗan gyara mata zama.

"In sun zo ɗauka," ya ce, "a dai san na bana ne."