Arhar da ta kori abokin aikina

Shekarar da na yi aiki da wani ƙaramin kamfani a Kura, ban taɓa shan takaici irin nata ba. Manhajar waya gare mu, manomi ya sauke ta, ya yi odar iri ko taki ko maganin feshi daga cikinta, ya zo shagonmu ya ɗauka. Aikina shi ne bin diddigin tallar da muke sakawa a intanet don a sauke manhajar.

Talla biyu muke gwadawa, kuma Alhaji, mai kamfanin, ya ce kafin a fara yafa irin tumatir zai kashe ɗaya, ya bar ɗaya. Ta farko wasu ƙwararru daga birni suka tsara ta: sauke manhaja, ka yi rajista, ka sa lambar da za a tura maka kyautar data. Ta biyu ta abokin aikina ce, wani magidanci ɗan Bunkure, tsohon malamin gona da muke kira Malam. Bidiyo ya yi a bakin kanal ɗin ruwan noman rani, takalminsa duk taɓo, yana nuna yadda ake odar taki, aka saita tallar ta riƙa zuwa wa mutanen karkararmu kaɗai. Da wannan sharaɗin aka ɗauke shi: tallarsa ta ci ya zauna, ta faɗi ya tafi.

Kullum da safe abu ɗaya Alhaji yake tambayata, nawa kowace saukewa ta tsaya mana. Ta 'yan birni arha kamar banza. Ta Malam kuwa sai ta ninka sau da yawa. Na yi ta gaya masa saukewa ba ciniki ba ce. Kowace talla da nata mahaɗin da ake dannawa a sauke manhajar, don haka ina iya ware mutanen kowacce in ga wa ya sake buɗe manhajar bayan mako, wa ya rage bayan wata, wa ya sayi wani abu. Mutanen data ranar farko suke buɗewa, daga nan shiru kake ji. Mutanen Malam ba su da yawa, amma suna dawowa duba farashi, wasu har sun fara sayen irin albasa.

Asirin ya tonu ne a wayar kawuna. Ya ba ni in ƙara masa girman rubutu, sai ga manhajarmu zaune a ciki. Ya rantse bai san ta ba. Ashe ranar kasuwa manoma kan bar wayoyinsu a teburin mai caji, a buɗe, don a tura musu karatu da wa'azi. Shi kuma mai cajin ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sauke manhajar, yana juya kyautar datar zuwa layukansa. Wato mu muke ciyar da masu caji, muna tafa wa kanmu.

Na shiga ofishin Alhaji raina a ɓace. Na ce ya raba kuɗin kowace talla da yawan waɗanda suka saya, ya ga wacce ce mai tsadar gaske. Na roƙe shi ya jira lokacin zuba taki, don manomi ba ya sayen abu sai gonarsa ta nema.

"Malama, na ji ki," in ji shi. "Amma masu zuba mana jari yawan saukewa suke tambayata."

"Ranka ya daɗe, in sun tambayi ciniki fa?"

Ya ce in lokacin ya zo ma gani. Aka kashe tallar Malam, ƙarshen wata aka sallame shi. Har da yi mini godiya da zai tafi, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan.

Da shuka ta kai zuba taki, oda ta fara shigowa, kusan duka daga mutanensa. Dubban 'yan data kuwa ko buhu ɗaya da ƙyar. Alhaji ya daɗe yana kallon alƙaluman, sannan ya ce in sake kunna bidiyon nan. Na tambaya ko in kira mai bidiyon ya dawo. Ya ce kuɗin albashin ai tallar data ta cinye, bidiyon kuwa na kamfani ne.

Na kunna, ya zan yi. Ranar kasuwar Bunkure na tarar da Malam a wata rumfa yana auna wa wani ɗan kasuwa shinkafa a kan lada. Manoma uku sun kewaye shi da wayoyinsu, sun gan shi a bidiyo, suna so ya yi musu odar taki. Ya ajiye kwanon awo, ya goge hannunsa a riga, ya yi wa kowa tasa. Ɗayansu ya ce Allah ya ƙara masa girma a wurin aiki. Malam ya ce amin, bai dubi inda nake tsaye ba.