Shafi uku da na ƙara wa 'yata

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina sayar da kayan gyaran babur kusa da tashar Adjamé, kuma ka'idata ɗaya ce: abin da kake da shi, baje shi. Shagon da ba a cika shi har bakin ƙofa ba, mai saye wucewa zai yi. Da wannan kai na lalata wa 'yata aiki, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Ita ce ta ukun 'ya'yana, mai sunan mahaifiyata, don haka Uwata nake ce mata. A nan Abijan aka haife ta, Faransancinta ya fi Hausarta kaifi. Ta karanta aikin rubuta manhajar kwamfuta. Da ta gama, wani kamfani a Dakar ya neme ta, ni kuwa ban so ta tafi ba. Muka daidaita: in ta sami aiki a Abijan kafin babbar Sallah ta zauna, in ba ta samu ba in sa mata albarka.

Sai wani abokina, mai fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa, ya ce wani kamfanin fito a Treichville na neman irinta. Ya ce in kawo takardar CV ɗinta, mai bayanin karatunta da ayyukanta, ya miƙa da hannunsa. Na tambaye ta, ta ba ni.

Shafi ɗaya. Na juya bayansa, fari fat. A ciki ayyuka uku ne kawai, kowanne da layi biyu na bayani, sai wani dogon adireshin intanet a ƙarƙashinsa. Can ƙasa sunayen kayan aikinta guda biyar, Python da SQL da wasu uku. Raina ya ɓaci. Shekara biyar ta karatu, a ce duk ta ƙare a rabin abin da ake naɗe ƙosai da shi? Na tambaye ta ina sauran. Ta ce sauran ta taɓa su ne kawai a aji, ba za ta rubuta abin da in an tambaye ta ba za ta iya kare shi ba. Adireshin nan kuwa, in ji ta, shi ne ma'ajiyar da aikin yake. Mai ɗaukar ma'aikata zai buɗe ya karanta abin da ta rubuta da hannunta, ya ga ranar da ta yi kowane gyara. Na ce wannan kunya ce irin ta mata. Ta ce, "Baba, don Allah ka kai ta yadda take."

Na ce to. Ban kai ta yadda take ba.

Washegari da ta fita, na buɗe akwatin takardunta na kwashe sakamakon jarrabawa da duk wata shaidar kwas. Na kai wa wani mai buga takardu a Indénié, dattijo mai furfura kamata, wanda ya ce ya buga CV fiye da gashin kansa. Ya dubi shafinta ya yi tsaki, ya ce wannan ai takardar mai jin yunwa ce. Ya bi takardun yana tsinto sunaye: Java, PHP, gyaran hoto, haɗa wayoyin intanet, har da buga wasiƙa. Gaban kowanne ya sa taurari biyar. Da wurin rubutu ya ƙure, ya ce waɗannan dogayen adireshi ɓata tsari suke, ba mai karanta su a takarda. Na ce cire. Da bakina na ce cire. Muka fito da shafi huɗu, na sa a ambulan na kai wa abokina, ina jin kaina kamar wanda ya cika shago.

Aka kira ta ganawa. Na yi ta yi wa maƙwabta fariya.

Ta dawo bayan la'asar, ba ta ci abinci ba. Uwarta ce ta tatso labarin. Shugaban masu kwamfutar kamfanin ya fara da Java, domin tsohuwar manhajarsu da ita aka gina, kuma ita ce ta fari a jerin, da taurarinta biyar. Ya ba ta ɗan gyara ta yi a gabansa. Ta ce zango ɗaya ta yi a kai, tun shekararta ta biyu. Sai ya juyo mata takardar ya ce to wa ya rubuta wannan? A nan ta ga shafi huɗun. Ta gane hannuna tun kafin ta kai ƙarshe. Ta bari mutum ukun da ke yi mata tambayoyi suka ɗauke ta maƙaryaciya, don kada ta ce ubanta ne.

Ni kuma, maimakon in sunkuyar da kai, faɗa na kama. Na ce ai an koya mata abin, me ya hana ta daure ta nuna ta iya? Ta ɗago ta dube ni, ta yi magana da Hausarta mai tuntuɓe:

"Baba, kai kana sayar da kayan da ba ka da shi?"

Ban taɓa yi ba, ta kuma sani. Na fita ina huci, na je na zazzage wa mai buga takardu. Ya bar ni na gama, ya ce, "Alhaji, ni na buga, kai ka ce cire." Haushin ya dawo kaina inda ya dace.

Kwana huɗu girman kai ya riƙe ni. Ran na biyar na ɗauki shafinta na asali na tafi Treichville, na ratsa tireloli da ƙurar sito, na zauna a benci har shugaban ya fito. Sa'an babban ɗana ne. Na gaya masa duk abin da na yi da guntun Faransancina. Ya karɓi takardar, ya kwafi adireshin farko a kwamfutarsa. Ya daɗe yana karantawa, yana buɗe wannan yana rufe wancan. Sannan ya juyo mini allon. Manhaja ce ta bin sawun kaya a tashar mota: a rubuta ƙunshi in ya shiga bas, in ya sauka saƙo ya je wayar mai shi. Ya nuna mini bayanin da ta rubuta a sama, ya fassara mini: ta yi ta ne saboda mahaifinta yakan yi yini a tasha yana neman kayan da suka riga suka iso.

Ban san ta yi ba. Ban taɓa tambaya ba.

Ya ce irin wannan aikin suke nema, bin sawun kwantena, kuma wanda ya iya wannan zai koyi Java cikin 'yan watanni; da ta rubuta gaskiya ba zai dame shi ba. Abin da ya hana shi ɗaukarta taurarin nan ne. Na ce to yanzu ga gaskiyar. Ya ce shekaranjiya wani ya sa hannu ya karɓi aikin. Kwana huɗun nan nawa ne suka jawo.

Bayan Sallah da mako guda na raka ta filin jirgi. Na sa mata albarka kamar yadda na yi alkawari, ta durƙusa ta amsa, ba ta tayar da maganar ba, har yau kuma ba ta tayar ba. Wannan ya fi ci mini rai. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Kwafin shafi huɗun da ya rage a wurina na ƙone shi a murhun mai shayi. Shafi ɗayan yana aljihun tebur a shago. Mai buga takardun nan har gobe yana Indénié, layi a gabansa, yana raba wa 'ya'yan mutane taurari. In zan wuce, tsallaka titi nake.