Gaisuwar da Na Riƙe Har La'asar

Mahaifiyar abokina ta rasu da hantsi, muka kai ta makwanci kafin azahar. Shi kuwa yana cikin hamadar Tenere da babbar motar kaya, ya nufi Bilma, inda waya ba ta shiga sai an kusa gari. Tare muka tashi a tsohon garin Agadez, a kwano ɗaya tsohuwar take zuba mana tuwo, ni ma Inna nake ce mata.

Da muka dawo daga maƙabarta, kawunsa ya ja ni gefe a ƙofar gida.

"Kai ne amininsa, na san hannunka na ƙaiƙayi. Kada ka aika masa komai sai na yi magana da shi. Ba a yi wa mutum ta'aziyyar mutuwar da bai ji ba, balle yana riƙe da sitiyari."

Na ce to, Kawu.

Ina komawa shago na ga wani cikin abokanmu ya sa hoton Inna a gurup ɗinmu na waya, da rubutun rasuwa a ƙasa. Da zarar rezo, wato sabis ɗin waya, ya kama abokina, abin da zai fara gani ke nan. Na kira mai hoton, bai ɗauka ba. Na hau babur na same shi a bakin kasuwa yana shan shayi, na tsaya a kansa har ya goge. Wasu sun riga sun amsa da addu'a, su ma na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ban gama ba wayata ta yi ƙara. Abokina ne.

"Na kira gida, ba wanda ya ɗauka. Ya jikin Inna?"

In na ce da sauƙi, na yi ƙaryar da ba zai manta ba. In na faɗa, na karya maganar Kawu.

"Kana tuƙi ne?"

"Mun tsaya shan ruwa. Me ya faru?"

"Ka zauna a nan, kada ka tada mota. Kawu zai kira ka yanzu."

Ina jin iska tana bugun wayarsa. Sai ya kashe.

Na ruga wajen Kawu. Ya shiga zaure da waya, ya daɗe. Da ya fito ya ce, "Ya ji. Abokin tafiyarsa zai karɓi tuƙin. Yanzu ka gaishe shi."

Bayan la'asar na kira, rezo ya ɗauke. Sai na zauna ɗaukar saƙon murya, don rubutu ya yi mini sanyi. Na farko na ce na san yadda yake ji. Na goge, uwata tana gida da ranta, ina na sani? Na biyu na tsinci kaina ina ba shi labarin yadda numfashinta ya sarƙe, da yadda ta yi ta tambayar ko ya dawo. Gaskiya ne, amma me zai yi da ita a tsakiyar rairayi, ban da ya zargi kansa? Shi ma na goge. Akwai kuma maganar da na ji masu gaisuwa suna yi tun rana, wai ai ta ga jikoki, ta ci zamaninta, wani ma cewa ya yi da an kai ta likita da wuri. Na ƙudura ko ɗaya ba za ta fito daga bakina ba.

Abin da na aika gajere ne:

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗan'uwa, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Inna, ya gafarta mata, ya haskaka kabarinta. Allah ya ba ka haƙurin rashi. Ina cikin waɗanda suka ɗauke ta, jama'a sun cika sahu har bakin hanya, kowa alherinta yake faɗa. Ina zaune da su Kawu wajen karɓar gaisuwa, ƙannenka ba su kaɗai ba ne. Ba sai ka amsa ba. Ka dawo a hankali."

Alama ta nuna ya saurara. Na kwana ina juya kalmomin, ko wata ta yi masa nauyi. Washegari da safe ya aiko da kalma ɗaya: "Amin."

Sai bayan sadakar uku ya iso, ya rame, rawaninsa duk ƙura. Na ba shi hannu na ce ya haƙuri, ya ce, "Haƙuri sai godiyar Allah." Muka zauna kan tabarma. Can ya tambaye ni, a hankali, ko ta neme shi kafin ta cika.

A lokacin na faɗa masa. Na ƙara da abin da ƙanwarsa ta ji da kunnenta, cewa bayan tambayar ta sa masa albarka. Ya ja rawani ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Ban ce ya daina ba. Da aka kira magariba na ɗebo masa ruwa a buta.