Ludayin Mama Matta

Matta ta zo Bauchi daga Bogoro a shekarar da aka ƙirƙiro jiha, a bayan motar da mijinta Obadiya yake tuƙa wa ma'aikatar ayyuka. Ba ta yi karatu mai zurfi ba, amma Allah ya ba ta harshe. Ta ɗiga miya a tafin hannu ta lasa, sai ta gaya maka abin da ya rage, har da wanda ya daka daddawar. Shi ya sa duk bikin da aka yi a cocinsu na Yelwa, matan Zumunta su tuƙa tuwo su soya masa, amma ludayin miya na Matta ne. Har gashin kanta ya yi fari ludayin yana hannunta.

Sai ga Juliana, matar Elias malamin firamare, yarinya mai zafin nama da yawan dariya. Wata rana wani dattijo ya yaba miyar taushen da ta kai wa Fasto. Matta ta ji, daga ranar kuwa ko gaisuwar Juliana sai ta ji kamar da wata manufa a ciki.

Ana saura mako bikin godiyar kaka, dasashin Matta ya kumbura yana jini. A asibitin haƙori aka kankare mata dattin, ma'aikaciyar ta ba ta kwalbar maganin kurkure baki.

"Mama, safe da yamma, daidai layin murfin nan. Ki juya shi a baki minti ɗaya cur, ki tofar, kada ki haɗiye. Kada ki bi shi da ruwa. Ba ci ba sha sai bayan rabin awa. In kin goge haƙori da man goge baki, ki ɗan jira tukuna. Kuma yakan dusashe ɗanɗano, musamman na gishiri, amma in kin gama zai dawo."

Matta ta ce to. Magani kuwa ɗaci gare shi. Tana zubawa take tofarwa, ta bi shi da ruwa, ta ɗora shayi a kai. Obadiya ya ce, "Matta, maganin da kika wanke me zai yi miki?" Ta ce ya ji da ciwon ƙafarsa.

Ranar biki ta tashi baki na zogi. Ta so ta zauna ta yi abin yadda aka ce, sai aka gaya mata Juliana ta riga ta isa, har ta yanka kabewa. Ta jefa kwalbar a jaka ta tari Keke. A bayan coci, gefen murhu, ta kurkure bakin sosai karon farko, ta tofar, ta miƙa hannu.

"Ludayi."

"Mama, ba yanzu kika sa magani ba? Ki huta, ni sai in ɗanɗana."

"Ke da wane harshen? Ina dafa wa cocin nan tun ba a yaye ki ba."

Ta lasa. Lami. Ta zuba gishiri, ta lasa, lami. Ta ƙara. Juliana ta buɗe baki, Matta ta harare ta, ta rufe. Sai da Agnes, shugabar Zumunta, ta zo wucewa ta ɗiba a cokali. Fuskarta ta yamutse.

"Mama, wa ya yi mana wannan?"

Juliana ce ta ɗauko wata tukunya ta raba miyar biyu, ta ƙara kabewa da gyaɗa da alayyafo, tana lasa tana gyarawa. Da aka ci, mutane suka riƙa cewa miyar bana ta fi ta bara. Matta tana zaune a benci tana jin kowace kalma.

Tun daga yammacin nan ba a taɓa ganin mai bin ƙa'idar magani kamarta ba. Ta karɓe agogon Obadiya. Ta cika baki, kumatu na motsi, ido a kan hannun agogo. Ta tofar, ta zauna rabin awa ko ruwa ba ta kallo. Wata safiya Juliana ta zo gaishe ta da kwanon kunun gyaɗa, ta same ta baki cike.

"Mama, sannu da jiki. Bikin 'yar Andrawus an ce in riƙe miki ludayi kafin ki warke."

Matta ta dubi agogo. Da saura. Ta riƙe maganin, ta riƙe amsar, har hannun ya zagayo. Ta tofar.

"Ajiye kunun can. Ba yanzu ba."

Kafin bikin dasashi ya lafa, ta gama maganin, harshe ya dawo. Ta karɓi ludayinta, ta ɗiga a tafi, ta lasa, ta ce ya yi. Agnes ta gyaɗa kai, sannan ta waiwaya wajen Juliana.

"Maman Bakari, zo ke ma ki ji."

Juliana ta lasa ta ce daidai ne. Shekarun da suka rage wa Matta haka aka yi ta yi: ludayi a hannunta, amma ba a sauke tukunya sai Juliana ta lasa.